Ranar Farko da Na'urar Hannu a Sito: Yadda Giɓin Guda Biyar Ya Rabu Gida Biyu

Abin da zan bayyana a nan ya faru ne a cikin awa takwas, daga ƙarfe 6:00 na safe zuwa 2:00 na rana, a wani sito da nake shugabantar masu aikin safe. Wanda lamarin ya shafa saurayi ne da ya kama aiki a ranar, kuma ba zan ambaci sunansa ko na kamfanin ba, domin kuskuren da ya yi irin wanda kusan kowane sabon hannu yake yi ne, kuma wani kaso na laifin yana wuyanmu mu da muka karɓe shi. Na haɗa labarin daga abin da na gani da idona, da abin da shi da abokan aikinsa suka faɗa mini, da kuma rijistar manhajar sito, wadda take rubuta kowane latsi da lokacin da aka yi shi.

A sitonmu babu mai yawo da takardar oda. Kowane mai ɗaukar kaya yana riƙe da na'urar hannu, wadda ma'aikata suke kira sikana, mai ƙaramin allo da maɓallan lamba da kunama a ƙarƙashi kamar ta bindiga. Idan mutum ya shiga da lambarsa ta aiki, manhajar takan jero masa ayyuka, amma ba ta nuna masa jerin gaba ɗaya, sai dai aiki ɗaya bayan ɗaya, kuma na gaba ba ya fitowa sai an tabbatar da na baya. Kowane aiki yana da matakai huɗu da ba sa canzawa: a je gurbin da allo ya nuna a haska lambar da ke manne a jikin kanta, a haska bakod ɗin kayan, wato zanen baƙaƙen sanduna da na'ura ke karantawa, a ƙirga a rubuta adadin da aka ɗauka, sannan a haska lambar kwandon da aka zuba kayan a ciki. Lambar gurbi kuwa adireshi ce mai kashi huɗu. Idan allo ya nuna `B-04-02-C`, ana nufin layin B, sashe na huɗu a cikin layin, hawa na biyu daga ƙasa, gurbi na uku daga hagu.

Wannan bayanin shi ne abin da saurayin ya samu a minti ashirin na farko, daga bakin wani tsohon hannu da na haɗa su. Tsohon hannun ya nuna masa yadda ake rataya na'urar a wuyan hannu don kada ta faɗi, da tazarar da ake bari tsakaninta da bakod, da bambancin ƙara biyu: gajeren ƙara ɗaya idan ta karɓa, ƙara biyu masu kauri idan ta ƙi. Sun yi ayyuka goma sha biyar tare, duk suka tafi daidai. Da misalin ƙarfe 7:10 wata babbar mota ta iso da kaya, aka nemi tsohon hannun a wurin saukewa, ni kuma na ce ya tafi, na bar saurayin shi kaɗai da amalankensa da kwanduna shida. Da na koma kan rijista daga baya, sai na ga cewa ayyukan nan goma sha biyar duk na ƙwaya-ƙwaya ne, kuma a kowanne an tarar da kayan cif a gurbinsu. Ke nan an koya masa aikin ne a kan hanyar da babu gargada, aka sake shi kafin ya ga rami ko ɗaya.

Kuskure na farko: biyu na me?

Da ƙarfe 7:52 allo ya nuna masa wannan aikin:

```
LOC  B-04-02-C
QTY  2
UOM  PK
```

Kayan da ke gurbin kwaɗon ƙofa ne, ana kawo su shida-shida a fakiti, an naɗe kowane fakiti da leda mai haske. Layin ƙarshe na allon shi ne ma'aunin da ake ƙirga kayan da shi. A manhajarmu `EA` na nufin ƙwaya ɗaya, `PK` fakiti, `CS` kuma kwali cikakke. Saurayin ya ga lamba 2, wadda take da girma a allo, bai lura da haruffa biyun da ke ƙasanta ba, domin tun safe `EA` yake gani a wurin har idonsa ya daina tsayawa a kansa. Abin da ya ƙara ruɗa shi kuwa yana kan kantar: wani ya riga ya farke fakiti ɗaya a wani lokaci can baya, kwaɗuna shida suna zube a bakin gurbin, ledar tana lilo, sauran fakiti tara suna jere a baya. Ya ɗauki kwaɗo ɗaya ya haska, na'urar ta yi gajeren ƙaranta na amincewa, ya ƙara ɗaya, ya rubuta 2, ya wuce.

Mai karatu zai iya tambayar dalilin da ya sa na'urar ta amince, alhali fakiti aka nema, ƙwaya aka haska. A ƙa'idar ƙungiyar GS1, wadda take tsara lambobin kaya na duniya, kowane mataki na ƙunshi yana da lambarsa daban: ƙwaya takan ɗauki bakod mai jerin lambobi 13 da ake kira EAN-13, kwali kuma sau da yawa yakan ɗauki mai jerin lambobi 14 da ake kira ITF-14. Manhajar da aka saita da tsauri za ta ƙi karɓar lambar ƙwaya idan fakiti ta nema. Tamu an sassauta ta tun da daɗewa, saboda wasu masu kawo mana kaya ba sa manna wa fakitinsu lamba, sai dai a haska ta ƙwayar da ake hangowa ta cikin leda. Saboda haka a wurinmu ƙarar amincewa tana cewa ne kawai kayan da ke hannunka su ne irin da aka nema. Ba ta san yawansu ba, sai abin da yatsan ma'aikaci ya rubuta.

Lissafin abin da ya biyo baya mai sauƙi ne. Kafin ya zo, manhajar tana da kwaɗo 60 a gurbin, kuma 60 ɗin ne a kan kanta. Da ya rubuta 2, manhajar ta cire fakiti biyu, wato ƙwaya 12, ta bar 48 a rijista, alhali a kan kanta akwai 58. Mai odar kuma, wanda ya biya kuɗin kwaɗo goma sha biyu, yana shirin karɓar biyu.

Wannan kuskuren bai yi nisa ba, domin akwai sikeli a teburin ɗaure kaya. Manhajar ta san nauyin kowane kaya, kuma kwaɗon nan giram 250 ne, don haka tana jiran kilo uku a wannan aikin, sai ta sami rabin kilo. Da ƙarfe 8:25 matar da ke ɗaure kaya ta haska kwandon, ta ɗora shi a sikeli, allonta ya yi ja saboda giɓin kilo biyu da rabi. Ta kira shi ta rediyo, ya zo da sauri yana share zufa.

"Ƙanena, biyu aka ce maka, amma biyu na me?" Ta nuna masa haruffan da yatsa. "Kafin ka duba lamba, ka fara duba waɗannan. Lambar ba ta da ma'ana sai da su."

"Yaya, na'urar fa ta karɓa," in ji shi.

"Ta karɓa mana. Ita ai ba ta da ido, kai ne idonta."

Gyaran bai buƙaci a taɓa kwamfuta ba. Ya mayar da kwaɗuna biyun wurinsu, ya ɗauko fakiti biyu cikakku, gurbin ya koma fakiti bakwai da ƙwaya shida, wato 48, daidai da rijista. Duk abin bai ci fiye da minti takwas ba, kuma da a nan aka tsaya, da ban rubuta komai a kai ba. Sai dai minti takwas ɗin sun bar wani tabo da ban lura da shi ba a lokacin. A kusurwar allon na'urar akwai wata 'yar lamba da ke nuna yawan layukan oda, wato ayyukan ɗauka, da mutum yake kammalawa a awa, kuma saurayin ya ji ana cewa 70 ake so. Ba wanda ya gaya masa cewa wannan adadin na waɗanda suka yi wata uku ne, kuma ba a auna sabon ma'aikaci da shi a makonsa na farko. Da ya koma layi ya ga lambarsa ta sauka zuwa 38, sai ya ƙudurta a ransa cewa ba za a sake kiransa ta rediyo ba, kuma ba zai sake tsayawa tambaya ba.

Kuskure na biyu: bakwai a inda aka ce goma

Da ƙarfe 9:41 aka tura shi gurbin `D-11-01-A` ya ɗauko robar gam guda goma. Wannan karon ya duba ma'aunin da kyau, ya ga `EA`. Ya haska gurbin, ya haska gam ɗin, ya fara ƙirgawa cikin kwando, a kan bakwai kwalin ya ƙare. Ya leƙa bayan kwalin, ya duba ƙasa, babu. A gurbin da ke maƙwabtaka, `D-11-01-B`, tazarar da ba ta fi kamu biyu ba, ga irin gam ɗin nan sak a cikin wani kwali da aka buɗe, launi ɗaya, girma ɗaya, rubutu ɗaya. Ya ɗauki ɗaya daga can ya haska don ya gwada, na'urar ta amince. Sai ya cika uku, ya rubuta 10, ya haska kwando, aiki na gaba ya fito.

Idan aka duba daga inda yake tsaye, abin da ya yi yana da hankali a cikinsa. Mai oda ya nemi goma, an ba shi goma na ainihin kayan da ya nema, babu wanda aka tsayar, kuma sikeli ba zai yi ja ba tunda nauyi ya cika. Ya ma gaya mini daga baya cewa a lokacin ya ji daɗin kansa, yana ganin ya warware matsala ba tare da ya dami kowa ba. Akwai maɓalli a na'urar mai suna `SHORT`, wanda aka tanada don irin wannan halin, amma an nuna masa shi ne a fatar baki da asuba, a tsakiyar wasu abubuwa goma, kuma a yadda ya fahimta, latsa shi tamkar kai ƙarar kansa ne cewa ya kasa cika aiki.

Abin da bai sani ba shi ne dalilin da ya sa kaya iri ɗaya suke zaune a gurbi biyu. Gam yana da ranar lalacewa, kuma kowane zubi da ya fito daga masana'anta, wato kayan da aka haɗa a lokaci guda, yana da lambarsa. Na gurbin A zubin `A17` ne, wanda wa'adinsa ya fi kusa, na gurbin B kuma `A22` ne, wanda ya iso daga baya. Manhajar tana tura masu ɗauka wurin wanda zai riga lalacewa har sai ya ƙare, sannan ta koma kan sabon. Bakod ɗin da ke jikin robar, mai jerin lambobi 13, yana faɗin irin kayan ne kawai, ba ya ɗauke da lambar zubi ko ranar lalacewa, shi ya sa robar `A17` da ta `A22` suke yin ƙara iri ɗaya. Waɗannan bayanan suna kan doguwar takardar da ke manne a jikin kwali, a bakod irin GS1-128, inda lamba 17 take gabatar da ranar lalacewa, lamba 10 kuma take gabatar da zubi:

```
(17)270331(10)A17
```

Ana haska wannan takardar ne sau ɗaya, ranar da aka ajiye kwalin a gurbinsa. Daga nan manhajar ba ta sake ganin zubin da idonta, sai dai ta dogara da cewa duk abin da aka ce an ɗauka daga gurbin A na `A17` ne. Wannan dogaron shi ne abin da hannun saurayin ya karya lokacin da ya miƙa shi kamu biyu zuwa dama.

A nan ne ya kamata a bi lambobin a hankali. Kafin ya iso, rijista tana da 12 a gurbin A, alhali bakwai ne a kan kanta. Giɓin biyar ne, a wuri ɗaya, kuma ba shi ya jawo shi ba. Gurbin B yana da 40 a rijista, 40 a kanta. Da ya rubuta 10, manhajar ta cire goma daga A ta bar 2, alhali gurbin ya zama fanko, B kuma ya ci gaba da nuna 40 alhali saura 37. Giɓin nan na biyar bai tafi ko'ina ba, rabuwa ya yi gida biyu, biyu a nan, uku a can, kuma yanzu babu lambar da ta yi kama da ainihin abin da ya ɓata tun farko. Wanda zai zo bincike zai nemi dalilin ɓatan biyu, ya nemi dalilin ɓatan uku, alhali babu ko ɗaya daga cikinsu da ya faru. Bayan haka takardar odar za ta ce an aika wa mai saye goma na `A17`, alhali uku daga ciki na `A22` ne. Idan wata rana masana'anta ta gano aibi a zubin `A22` ta ce a dawo da shi, za mu buga jerin waɗanda muka aika wa, sunan wannan mai sayen ba zai fito ba.

Abin da ya fi ba ni takaici da na zauna da rijistar shi ne ganin abin da zai faru da ya latsa maɓallin. Da ya rubuta 7 ya latsa `SHORT`, manhajar za ta rufe gurbin A, ta buɗe aikin ƙirga ga mai kula da lissafin kaya, sannan ta tura shi gurbin B ya ɗauko ragowar ukun. Robobin nan uku da ya ɗauka a ɓoye, su ɗin dai zai ɗauka, da hannun nan nasa, daga kwalin nan, bambancin kawai shi ne za a rubuta inda suka fito. Ƙarin lokacin ba zai kai minti ɗaya ba.

Yadda aka gano

Sikeli bai ce komai ba, aka ɗaure kwalin odar, aka kai shi bakin ƙofar lodi yana jiran motar ƙarfe 1:30. Abin ya fito ne ta wata hanya. Da ƙarfe 11:18 manhajar ta tura wata ma'aikaciya gurbin A ta ɗauko biyun da take zaton suna nan. Ta tarar da kwali fanko, ta rubuta 0, ta latsa `SHORT` ba tare da wani tunani ba, aka tura ta B ta ɗauki biyunta ta wuce. Aikin ƙirga ya faɗo a na'urar mai lissafin kaya, wani dattijo da ya fi kowa daɗewa a siton. Al'adarsa ce idan gurbi ya yi giɓi ba ya tsayawa a kansa kaɗai, yakan ƙirga duk wuraren da irin kayan suke, musamman na maƙwabtaka. A gurbin B rijista ta ce 38, ya ƙirga sau biyu ya sami 35. Biyu a nan, uku a can.

Ya buɗe tarihin gurbin A a kwamfuta, ya ga wanda ya taɓa shi kafin ma'aikaciyar, da lambar aikinsa, da lokaci, da adadin goma. Ya zo ya same ni, muka kira saurayin, ba ta rediyo ba wannan karon, na je da kaina na same shi a layin F. Na lura hannunsa ya ƙanƙame na'urar da ya hango ni.

"Gam ɗin nan na ƙarfe tara da wani abu, goma ka tarar a gurbin?" na tambaye shi.

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Oga, bakwai ne. Na cika da na kusa da shi. Iri ɗaya ne, na gwada ta karɓa."

Dattijon bai yi faɗa ba, sai ma ya saki ajiyar zuciya. "Yaro, ka taimake ni da ka faɗi bakwai ɗin nan. Ashe biyar nake nema. Da ka ce goma ka tarar, da na kwana ina neman biyu da uku."

Da adadin ya koma biyar, neman bai ɗauki lokaci ba. A kejin da ake tara lalatattun kaya, can ƙarshen siton, aka sami robobin gam biyar a cikin leda, murfinsu ya tsage, gam ya daskare a jikinsu, kuma lambar zubin da aka buga a gindinsu `A17` ce. Wani daga cikin masu aikin dare ya ga suna yoyo, ya kwashe su daga kanta don kada su ɓata sauran, wanda abu ne mai kyau, amma bai yi aikin mayar da su kejin a na'ura ba. A ganina laifinsa da na saurayin iri ɗaya ne: kowannensu ya yi abin da ya dace da hannunsa, ya bar rijista a baya.

Da ƙarfe 12:40 aka janyo kwalin odar daga bakin ƙofar lodi, aka yanke selotef, aka juya robobin ɗaya bayan ɗaya ana karanta gindinsu: bakwai `A17`, uku `A22`. Tunda mai odar bai sharɗanta zubi ɗaya ba, ba a canza kayan ba, rijista aka gyara ta dace da su. Mai lissafin ya mayar da layin odar bakwai daga A da uku daga B, ya rubuta biyar ɗin da suka rage a A a matsayin lalatattu, A ya koma sifili, B ya koma 35. An sake ɗaure kwalin, ya kama motarsa. Idan aka haɗa lokacin dattijon da nawa da na mai ɗaure kaya, gyaran ya ci kusan awa ɗaya da rabi na aikin mutane, kuma mun yi sa'a ne cewa an tura wata gurbin A a ranar. Da kayan irin waɗanda ba a cika nema ba ne, da giɓin ya zauna har ƙirgar wata, lokacin da kwalin ya daɗe da barin hannunmu kuma babu mai tuna abin da ya faru da ƙarfe 9:41 na wata safiya.

Ban rubuta wa saurayin takardar gargaɗi ba, kuma har yanzu ina ganin hakan shi ne daidai. Kuskuren farko ya samo asali ne daga fakitin da aka bari a farke da kuma manhajar da muka sassauta da kanmu. Na biyu kuwa ya fito daga abubuwa uku da duk suna hannuna: na ɗauke masa mai koya masa bayan awa ɗaya, ban sa ya latsa `SHORT` da yatsansa ko sau ɗaya ba kafin ya buƙace shi, kuma na bar lambar gudu tana kallonsa a allo ba tare da na gaya masa cewa ba da shi take ba. Nasa kason shi ne ya ga abin da bai dace da allo ba, ya zaɓi ya daidaita shi a ɓoye maimakon ya faɗa, kuma wannan na gaya masa shi a fili. Na ƙara masa da cewa adadin da yake rubutawa shaida ce a kan abin da ya ɗauka daga gurbin da ya haska, ko da bai yi daidai da abin da allo ya nema ba, kuma ba a ƙirga `SHORT` a cikin laifin mai ɗauka, domin a rijista sunan gurbi yake bi.

Sauran awa ɗayan ya yi shi tare da tsohon hannun, wanda ya gama da motar. Kafin su koma layi na sa dattijon ya kai shi wani gurbi da muka san yana da giɓi, ya rubuta adadin da ya gani, ya latsa maɓallin, ya tsaya ya kalli yadda aikin ƙirga ya bayyana a ɗaya na'urar bayan daƙiƙa kaɗan. Ya tashi aiki da layi 41 a awa. Da ƙarfe 2:00 ya fita daga na'urar kamar yadda aka nuna masa, don kada wani ya yi aiki da lambarsa, ya zare batir ya sa a caji, ya sa hannu a littafin mayar da kayan aiki.

A littafin miƙa aiki na rubuta wa shugaban masu aikin rana abu uku: a tattara kwaɗuna shidan nan na `B-04-02-C` a mayar da su gurbin ƙwaya-ƙwaya, a tuna wa masu aikin dare cewa kayan da aka kai keji sai an kai su a na'ura, kuma kada a ba tsohon hannun wani aiki gobe kafin ƙarfe 10:00. Buƙatar a tsaurara manhaja ta daina karɓar lambar ƙwaya a madadin fakiti na aika ta ga masu kula da kwamfuta a ranar. Sun amsa cewa sai an fara manna wa fakitocin da ba su da lamba tasu lambar, kuma ana kan lissafa yawansu.